Sharhi: Ƙaramin Zaren da Ke Riƙe Adon Alkyabba

    

Yau sharhinmu kan ɗinki ne. Ba ɗinkin haɗa riga ba. Ɗinkin ado ne, irin wanda kuke gani a bakin alkyabba, da ƙirjin jabba, da falmaran, da kayan dokin sarakuna. Wato igiyar nan mai kauri, ko zaren nan mai ruwan zinariya ko na azurfa, da ke kwance a kan yadi yana ta lanƙwasa yana ɗaukar ido.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Wannan igiya ba ta shiga cikin yadi. A sama take kwance. Wani ɗan siririn zare ne daban ke hawa kanta yana ɗaure ta. Ido na kan igiya, amma ƙarkon aiki na ga ƙaramin zare. Zan sake faɗa, domin duk sharhin yau a kansa ya tsaya. Igiya ba ta shiga yadi. Ƙaramin zare ke riƙe ta.

Bari mu ɗan waiwaya baya kafin mu ɗauki allura.

Ƙasar Gobir ta san alkyabba tun da daɗewa. Tufar sarauta ce, kuma mafi tsadarta ta hanyar Sahara take zuwa. Fatake kan ɗauko ta daga Tarabulus da Tunis, su biyo ta Gadamas da Agadas, su sauke a manyan kasuwanninmu. A shekarar 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai tafi Sakkwato. Ya ratsa dajin Gundumi, wannan dai da kuka sani. Shi da abokan tafiyarsa, tafiya suka yi ba tsayawa, don tsoron mahayan Gobir. Da ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba, cikin manyan kyaututtukan da ya miƙa akwai alkyabbu. Kun ga ke nan, tun zamanin nan abar gaisuwar sarakuna ce. Har yau kuma, ranar naɗi ko ranar hawan Salla, a fadar Sarkin Gobir na Isa ko ta Sabon Birni, alkyabba ce ke nuna wanda aka taru dominsa.

To, me ya sa ba a zura wannan zare a allura a ɗinka shi kamar kowane zare?

Dalili biyu ne. Na farko kauri. Igiyar da ta kai kaurin tsinken ashana, in ka ce sai ta ratsa karan-miski ko mulufi sau ɗari, to ka huda yadin sau ɗari, kuma hudar ba ta rufewa. Na biyu ya fi muhimmanci. Zaren zinariya ba zare ɗaya ba ne. Ku samu guntunsa ku warware bakinsa da farce. Za ku ga zaren auduga ko na alharini a ciki, an naɗe shi da wani siririn faifan ƙarfe mai sheƙi. Duk lokacin da aka ja shi ta cikin yadi, yadin na kankare naɗin. Kafin a yi suka goma, ƙarfen ya tattare wuri guda, zaren ciki ya fito tsirara. Akwai kuma maganar tattali. Abin da aka saya da tsada don a gani, me zai kai rabinsa bayan yadi inda ba mai ganinsa?

A nan ne wannan aiki ya bambanta da yawancin aikin babbar riga. A aska takwas ko aska biyu, zaren tsamiya ko na auduga da kansa yake nitsewa yana fitowa. A bakin alkyabba kuwa, hannu biyu ne da zare biyu. Hannun hagu na shimfiɗa igiya a kan zane. Hannun dama na bin ta da allura yana ɗaurewa. Duk wanda ya taɓa yin darni ya san wannan dabara. Ka kwantar da tanka a jikin kara, ka bi ta da igiya kana ɗaurewa tazara-tazara. Tanka ba ta ratsa darni, ɗauri ke riƙe ta. In ɗauri ya yi nisa da juna, iskar farkon damina za ta gaya maka.

Yanzu sai mu shiga aikin kansa. Mu ɗauka an kawo wa maɗinki alkyabbar karan-miski baƙa. Ana so ya yi mata layi uku na zaren zinariya, daga gefen gaba na dama, a zagaya bakin hular alkyabbar, a sauko gefen hagu. A ƙirji kuma a yi 'yan lanƙwashe-lanƙwashe. Daga ina zai fara?

Ba daga zinariya zai fara ba. Daga bayan yadi zai fara. Karan-miski shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin ƙarfe. Sai an sa masa farin yadin auduga mai ƙarfi a baya, allura ta riƙa kama su biyun tare. Kuma a wanke wannan farin yadi a shanya kafin a sa shi. Ku saurari dalili. Auduga na tsukewa in ta sha ruwa ko laima. Ƙarfe ba ya tsukewa. In yadin baya ya tsuke bayan an gama aiki, igiya za ta rasa wurin kwanciya, sai ta tashi tana ƙusumbi tsakanin ɗauri da ɗauri.

Bayan haka sai a ɗaure yadin a jikin katako mai kusurwa huɗu, a ja shi ya miƙe sosai. Masu aikin riga da hula sun saba riƙe yadi a hannu ko a gwiwa, kuma aikinsu na kyau. Amma wannan aiki na son hannu biyu a sake, yana kuma son yadin da ba ya motsi. Sai dai a kula. Kada a matse karan-miski cikin zoben nan na roba da ake sayarwa. Yana kwantar da gashinsa, ya bar tabon da ba ya tashi da sauƙi. A ɗaure farin yadin a katako, sannan a shimfiɗa karan-miskin a kansa a ɗinke gefensa.

Sai zane. Alli ba ya zama da kyau a kan gashin karan-miski. Dabarar ita ce a zana adon a takarda marar kauri, a ɗora, a bi layin da dogon ɗinki na farin zare, sannan a yage takardar. Farin zaren ya zama hanya. In an gama a zare shi.

To, mun zo kan ƙaramin zare, mai gayya mai aiki.

A zaɓe shi siriri amma mai ƙarfi, launinsa ya saje da igiya. Ruwan ɗorawa ga zinariya, fari ko toka-toka ga azurfa. Kada a yanko shi da tsawo. Kamu ɗaya ya isa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. A ja shi a kan kakin zuma sau biyu ko uku. Kakin na hana shi ƙullewa, yana kuma kare shi, domin gefen ƙarfe na da kaifi, yana cin zare a hankali.

Ga yadda ɗauri ɗaya yake. Allura ta fito daga ƙasa, dab da gefen igiya. Ta haye kan igiya kai tsaye, ba a karkace ba. Ta nitse a ɗaya gefen, dab da igiya. Shi ke nan. Amma faɗin ɗaurin ya zo daidai da faɗin igiya. In ya yi ƙanƙanta, zai shaƙe ta, ka ga wuya-wuya a jikinta, hasken ya kakkarye. In ya yi faɗi, igiya za ta riƙa yawo a ciki, layin ya karkace. Haka ma ja. A ja har igiya ta zauna, kada a ja har ta lotsa.

Sai tazara. A layi miƙaƙƙe, kamar ɗauri shida a kowane inci ya wadatar ga zare matsakaici. Amma ba shidan ne abin lura ba. Daidaiton ne. In ka fara da shida, ka ƙare da shida. Abin da ke sa haka shi ne haske. Kowane ɗauri yana yanke sheƙin ƙarfe, ya bar ɗan ɗigo. In ɗigon nan sun jeru daidai, ido ba ya ganinsu, sai ya ga layin zinariya guda. In ɗaya ya yi kusa, ɗaya ya yi nisa, daga bakin zaure za a hango ramar aikin.

Masu sauraro, mu yi ɗan lissafi, ba mai yawa ba. Yadi ɗaya inci 36 ne. Ɗauri shida a inci ya ba mu 216 a yadi. Mu ce bakin alkyabbar nan yadi huɗu ne, layi uku kuma ake so. Yadi goma sha biyu ke nan, ɗauri sama da 2,500, ba a ma taɓa adon ƙirji ba. To in wani ya ce zai yi maka a rabin kuɗi cikin rabin lokaci, ka san inda ya rage. Ba zinariya ya rage ba, domin ita kana gani. Ɗauri ya rage. A nan ina tare da maɗinki. Mukan yi ciniki kan abin da ke ƙyalli, mu ƙi biyan abin da ke riƙe shi, sannan mu dawo muna ƙorafi bayan Salla biyu.

Akwai wata dabara ga layi na biyu da na uku. In zaren siriri ne, bibbiyu ake kwantar da shi, ɗauri ɗaya ya haye biyun. A kula kada su hau juna. Da an zo layi na biyu, kada ɗaurinsa ya yi daidai da na layin farko. A sa shi a tsakiya, tsakanin ɗauri biyu na farko. Layi na uku kuma ya koma daidai da na farko. Haka ke raba nauyi, kuma yana hana a ga tsaga ta ratsa adon. Wani abu kuma: allurar layi na biyu ta fito daga waje, ta nitse a karkace ƙarƙashin gefen layin farko. Wannan ke jawo layukan su manne, baƙin yadi ya daina leƙowa a tsakani.

Mu juya zuwa inda ake gane gwani, wato lanƙwasa da kusurwa.

Ƙarfe ba ya son lanƙwasa. Kullum yana neman miƙewa. Saboda haka da an shiga kwana, sai a matso da ɗauri kusa da juna. Inda ake shida a inci, a kai goma ko fiye. Kowane ɗauri kuma ya fuskanci tsakiyar da'irar. In aka bar tazarar layi miƙaƙƙe a kwana, da'ira ba za ta fito da'ira ba, za ta fito da ƙafaɗu.

Kusurwa mai tsini ta fi wuya, musamman in zare biyu ne. Ba a haye su tare a nan. A raba su. A kai zaren waje har tsinin kusurwa, a ɗaure shi shi kaɗai, a karya shi. Sannan a ɗaure na ciki shi ma shi kaɗai, a ɗan baya kaɗan, a karya shi. Bayan an juya sai su sake haɗuwa. Wanda ya haye su tare, kusurwarsa za ta yi dakushi.

Akwai kuma abin da sabon hannu ba ya lura da shi. Naɗin ƙarfen nan yana sassautawa yayin aiki. Da ka fara hango zaren ciki tsakanin naɗi, ka ɗan murza igiyar da yatsa ta ɓangaren da naɗin ya bi, ta koma ta tsuke, sannan ka ɗaure. In ka ɗaure ta a sassauce, ta zauna haka har abada.

To igiya mai kauri fa, irin siliya, wadda aka tufka? Ita tata hanyar daban ce. Ba a haye ta kai tsaye, domin ɗaurin zai fito fili a kan tudunta. Dubi tufkar, za ka ga kwari a karkace tsakanin silin da aka murɗa. A nan ɗauri zai kwanta. Ka ɗan warware tufkar da yatsa, allura ta nitse cikin kwarin tana bin karkatarsa, ka sake ta. Igiyar za ta rufe kan zaren. In an yi shi daidai, sai ka rantse manna ta aka yi.

Yanzu sai bakin igiya, farkonta da ƙarshenta. A nan yawancin aiki ke fara lalacewa.

Na ce igiya ba ta shiga yadi. Gaskiya ne, sai a wuri biyu kawai: inda ta fara da inda ta ƙare. A bar wutsiya kamar inci ɗaya a kowane baki. In an gama layin, a ɗauko babbar allura ko basilla, a buɗa ƙofa tsakanin zaren yadi, a tura wutsiyar baya. Buɗawa na ce, ba yankawa ba. A bayan yadi a kwantar da wutsiyar ƙarƙashin layin da aka ɗinka, a ɗaure ta da 'yan ɗinki a jikin farin yadin, a datse saura. In igiyar ta yi kaurin da ba za ta ratsa ba, a naɗe bakinta da zare kafin a yanke, don kada tufkar ta warware, sannan a ɓoye shi cikin kalmasa ko ƙarƙashin shafi. Mai gaggawa yakan yanke igiya a sama kawai, ya ɗiga mata gam. Kwana kaɗan gam ya bushe ya fashe, bakin ya tashi, ya kama gefen sirdi ko zoben hannu. Daga nan sai warwara.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan wahala. A Aljeriya, a birnin Kusantina da kewayensa, mata na sa doguwar rigar karan-miski da aka kwantar wa zaren zinariya. Suna da salo biyu, fatla da majbud. A majbud har kwali ake yankawa da siffar ado, a shimfiɗa zinariya a kansa don ya yi tudu. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sutura ta gabashin Aljeriya cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Alhazanmu kuma sun ga rubutun da ke jikin rigar Ka'aba. A Makka ake yin sa, a unguwar Ummul Jud. Ana fara shimfiɗa zaren auduga don harafi ya yi tudu, sannan a lulluɓe shi da wayar azurfa, wata an yi mata ruwan zinariya. Da hannu ake wannan ado har yanzu.

Keken ɗinki fa? Ba na zaginsa. Akwai keken da ke kwantar da igiya yana bin ta da ɗinki mai kai-komo, kuma ga kaftani da rigar yau da kullum ya wadatar, ya kuma sauƙaƙa wa talaka. Amma ka san abin da kake saya. Ɗinkin keke na rufe igiya da zare mai yawa, yana rage mata haske. Wanda kuma aka yi da ɗinkin sarƙa, in zare ya tsinke aka ja bakinsa, yakan bi layi yana warwarewa. Mai aikin hannu da ya san abin da yake yi yakan ƙulle zarensa lokaci-lokaci, don in wuri ɗaya ya tsinke ɓarnar ta tsaya nan.

Bari in juyo gare ku masu saye, da uwayen gida masu ajiyar kayan maigida.

In za ka sayi alkyabba ko jabba, a Shinkafi ne ko Sakkwato ko Kano ko Maradi, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Sa farcenka a hankali ƙarƙashin igiya, tsakanin ɗauri biyu. In farce ya shige, tazara ta yi yawa. Duba kwana da kusurwa, can ake ɓoye ha'inci. Lalubi bakin igiya, ka ji ko an tura shi baya ko an yanke shi a sama. In shafi bai rufe ba, juya bayan. Aikin kirki za ka ga 'yan ɗinki a jere daidai, ba zinariya a baya sai wutsiyoyi. In kuma yadin ya tattare a gefen ado tun yana sabo, an ja zare da ƙarfi ko ba a miƙe yadin ba. Guga ba ta gyara wannan.

Ku kuma sani, yawancin zaren zinariyar kasuwa yau ba ƙarfe ba ne zalla. Leda ce siririya da aka yi wa ruwan ƙarfe. Tana da araha, ba ta baƙi da wuri, amma dutsen guga mai zafi na narkar da ita nan take. In kana shakka, nemi ɗan guntu ka kusantar da shi ga wuta. Leda za ta ƙanƙance ta narke. Na ƙarfe kuwa zaren ciki zai ƙone, ya bar siririyar waya.

Wajen ajiya, kada a kai irin wannan tufa wurin bugu. Abin da ke sa shadda sheƙi shi ke farfasa zinariya. Kada a jiƙa ta a ruwa. Kada a fesa turare a kan adon, kada kuma a turara ta a kan kasko, domin azurfa na yin baƙi, hayaƙi kuma na dusashe ƙyalli. Bayan hawa, a rataye ta a inuwa gumi ya bushe. A kakkaɓe ƙurar hunturu da buroshi mai laushi, ana bin tsawon igiya. In za a ninke, kada ninkin ya faɗa kan ado. A naɗe ta cikin farin yadin auduga, ba cikin leda ba, saboda laimar damina.

In kuwa kin ga igiya ta ɗaga a wani wuri, Hajiya, kada ki ja, kada ki yanke. Mafi yawan lokaci igiyar lafiyarta ƙalau. Ƙaramin zare ne ya tsinke. Samu zare mai launinta, ki shafa masa kaki. Fara daga inda tsohon ɗauri ke da ƙarfi, kamar inci ɗaya kafin ɓarnar. Ki bi tsoffin ramukan allura, ki wuce ɓarnar da inci ɗaya, ki ƙulle a baya. Aikin ɗan lokaci ne in an yi shi da wuri. In aka bari har hawa na gaba, abin da ya ɗaga inci biyu zai zama kamu guda.

Na san halin da yankinmu ke ciki. Hanyoyi sun yi wuya, kasuwanni sun ragu, maɗinka da dama sun yi ƙaura. Kai alkyabba Kano don gyara ba ƙaramin abu ba ne yanzu. Shi ya sa na tsaya kan gyaran gida.

Jama'a masu sauraro, Salla na tafe. Kafin ta ƙaraso, a buɗe adaka a fito da kayan nan da rana, a bi bakin igiya da yatsa daga farko har ƙarshe. Matasa masu koyon ɗinki kuma, ku fara da igiyar auduga da guntun yadi, layi miƙaƙƙe da da'ira da kusurwa, kafin ku taɓa zinariyar mutane. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir da kewayenta.